In Fitilar Giya Ta Kama A Tsakanin Ƙaura Da Shinkafi

A shekarar 1929 jirgin ƙasa ya iso Ƙaura Namoda daga Zariya, nan kuwa hanyarsa ta ƙare. Tun daga wannan zamani duk wanda ya nufi Shinkafi ko Zurmi, sai dai ya bi ta ƙasa, da can a kan jaki ko raƙumi, yanzu kuwa a mota. Motocin da malaman makaranta da ma'aikatan ofis su ke saya a yau, galibinsu 'yan Kwatano ne, da yawa daga cikinsu kuma masu giyar otomatik ne, watau irin wadda mota ke sauya wa kanta giya ba tare da direba ya taka kuloci ba. Irin wannan giya ta fara shiga kasuwa sosai a Amirka cikin motocin Oldsmobile na 1940. Ta yau ta bambanta da waccan da abu guda babba: tana da ƙwaƙwalwar lantarki mai lura da ita, wadda ta kan yi wa direba magana da fitilu.

Abin da ya sa mu ka ɗauko wannan zance shi ne, hanyoyin nan biyu, da wadda ta bi ta Moriki zuwa Shinkafi, da wadda ta bi ta Dauran zuwa Zurmi, ba wuraren da mutum zai so ya tsaya ya buɗe bonet ba ne. Kowa ya san irin ta'asar da 'yan bindiga su ka yi ta yi a wannan yanki cikin shekarun nan. A watan Satumba na 2021 har layukan waya aka rufe a Jihar Zamfara saboda wannan fitina, sai ga shi wanda motarsa ta lalace ba shi da halin kiran kowa. Saboda haka direba na bukatar ya san, da kansa, cikin ɗan lokaci kaɗan, ko motarsa za ta iya kai shi gari na gaba, da kuma yadda zai kai ta ba tare da ya ƙone giyar ba.

Maganar a taƙaice ita ce, alamun da giya ke nunawa iri uku ne, kowace kuwa da abin da ta ke bukata. Akwai wadda ke cewa ka tsaya amma kada ka kashe inji. Akwai wadda ke cewa ka ci gaba a hankali. Akwai kuma wadda ke cewa ka kashe inji nan take. Wanda ya rikita ɗaya da ɗaya, shi ne ya kan yi hasara.

Inda Zafin Ya Ke Fitowa

A mota mai giyar hannu, inji da giya suna haɗuwa ne ta kuloci, ƙarfe ya kama ƙarfe. A otomatik kuwa mai ne tsakaninsu. Akwai wata tukunyar ƙarfe rufaffiya cike da man giya, makanikai na ce mata kwambata. A cikinta akwai fanka biyu suna fuskantar juna. Inji na juya ta farko, ita ta watsa mai a kan ta biyu, ta biyun ta juya giya. Kullum ta farko ta fi ta biyu gudu, wannan bambanci kuwa ba ya tafiya a banza, zafi ya ke zama a cikin man.

In mota ta miƙe a kan kwalta mai kyau, ta kai gudun kilomita 60 ko 70 a awa, sai wani ɗan kuloci a cikin tukunyar ya ɗaure fankokin biyu su zama ɗaya, zafi ya ragu ƙwarai. Amma in ana tafiyar rarrafe cikin ramuka, ko cikin yashi, ko da kaya fiye da kima, ba a samun wannan ɗauri. Inji na ta ƙugi, mota ba ta gaba sosai, mai na ta dahuwa. Shi ya sa giyar otomatik ta fi yin zafi a tafiyar sannu mai nauyi bisa ga gudu a hanya mai kyau, ko da ya ke mutane da yawa sun ɗauka akasin haka ne.

Man nan ya kan yi aikinsa daidai a wajen digiri 80 zuwa 90 na ma'aunin Salshiyos. In ya wuce 120 ya daɗe a haka, sai ya soma lalacewa da sauri, ya tsinke, ya yi duhu, robobin da ke tare shi su bushe. Famfon da ke cikin giya shi ke tura man ta bututu zuwa lagireto, a can ruwan inji da iskar fanka su ɗauke masa zafi, sa'an nan ya komo. A riƙe wannan da kyau: inji ne ke juya famfon nan. In inji ya mutu, famfo ya tsaya, mai ya daina zagayawa.

Alama Ta Farko: Fitilar Zafi

A motocin Toyota manya, irin su Hilux da Land Cruiser da Prado masu otomatik, fitilar na ɗauke da rubutun A/T OIL TEMP. A waɗansu motoci hoton giya ne da ma'aunin zafi a tsakiyarsa, a waɗansu kuma rubutu ke fitowa a allon gaban direba. Ƙananan motoci tsofaffi da yawa ba su da wannan fitila sam, sai dai direba ya ji ƙaurin mai, ko ya ga allurar zafin inji ta hau. Fitilar ba ta kamawa sai man ya yi nisa da zafin da ya saba, a waɗansu motocin har ya doshi digiri 150. In ta kama, ba gargaɗin wasa ba ne.

Abin da littafin Toyota ya umarta shi ne, a kauce daga hanya, a sa giya a P, a bar inji yana aiki a silo har fitilar ta mutu. Dalili kuwa mun riga mun faɗa. Wanda ya ga fitila ya firgita ya murɗe makulli, ya bar tafasasshen mai ke nan kwance a cikin tukunya, ba abin da zai kai shi lagireto. Wanda ya bar inji a silo kuwa, kwambata ba ta ɗauke da nauyi, ba ta ƙara zafi, famfo na ta kai mai wurin sanyi. A kashe na'urar sanyaya ɗaki, domin ita ma zafinta a gaban lagireto ta ke zubarwa. A saurara a ji ko fankar lagireto na tashi. Galibi minti goma zuwa ashirin sun isa fitilar ta mutu. Kada a kwara wa giya ruwan sanyi, kada kuma a buɗe murfin lagireto yana da zafi.

Sharaɗi guda ne a nan. In allurar zafin inji ita ma ta kai ja tana ci gaba da hawa, ko ana ganin tururi, to, ruwan lagireto ne ya tsiyaye ko fanka ta mutu. A wannan hali barin inji a kunne ba zai sanyaya kome ba, sai a kashe shi.

To, in wurin bai tsayu ba fa? Rai ya fi giya. Sai a ci gaba, amma a rage wa tukunyar wahala. A ɗaga ƙafa daga totur, a kashe na'urar sanyi. In hanya kwalta ce mai kyau, a riƙe gudu guda madaidaici kamar 60 zuwa 70 ba tare da taka totur da ƙarfi ba, domin ɗaurin nan ya kama, iska kuma ta ratsa lagireto. In yashi ne ko hawa, a saukar da giya da hannu zuwa 2 ko L, domin ƙaramar giya na rage zamewar da ke kawo zafi. Mai mota mai jan ƙafa huɗu ya sa ƙaramin jan, watau L4. In mota ta kafe a yashin rafi, kamar yadda a kan gani a mashigan Gagare da Bunsuru da rani, kada a yi ta jifa da giya tsakanin D da R ana taka totur. Ba abin da ke dafa man giya da sauri kamar wannan. Gara a sauka a haƙa, a sa itace ƙarƙashin taya, a tura.

Alama Ta Biyu: Ɗingishi

Wata rana kana cikin tafiya sai ka ji mota ta yi wata girgiza, daga nan ta ƙi sauya giya. In ka tsaya za ka tashi, sai ta yi nauyi kamar an ɗaure ta. In ka sa ribas sai ta shiga da bugu. A Honda harafin D ne ke ƙyaftawa a allo. A tsofaffin Toyota fitilar O/D OFF ce ke ƙyaftawa, a na baya-baya kuma fitilar inji ce ke kamawa. A Peugeot 406 da 307 masu giyar AL4, fitilar da ke da alamar ƙanƙara da mai harafin S su ke ƙyaftawa tare. Wannan hali shi za mu kira ɗingishi, domin motar na tafiya ne kamar dokin da ya yi targaɗe.

Mutane da yawa in sun ga haka sai su ce giya ta mutu. Sau da yawa ba haka ba ne, da gangan motar ta yi. Ƙwaƙwalwar na sauya giya ne ta hanyar waɗansu ƙananan bawul na lantarki masu buɗe wa mai hanya, tana kuma dogara da waɗansu na'urori masu gaya mata gudun mota da zafin mai. In ɗaya daga cikinsu ya yi shiru, ko ya kawo labarin da bai yi daidai ba, sai ƙwaƙwalwar ta daina amincewa da kanta, ta janye wuta daga bawul ɗin. An kuwa ƙera giyar yadda in wuta ta ɗauke za ta zauna a giya guda, a masu giya huɗu galibi ta uku, a waɗansu ta biyu, ribas kuma yana nan. Ƙarfin mai kuma ya kan hau matuƙa domin kada farantan ciki su zame, shi ne bugun da a ke ji. Manufar duka ita ce mota ta kai mai ita gida ko gareji.

Abin da ke jawo wannan sau da yawa ƙarami ne: soket ɗin waya da ruwa ya shiga da damina, ko wayar da ɓera ya ci, ko fis da ya ƙone, ko batir mai rauni da caji marar kyau. Zafin da ya wuce kima shi ma ya kan jawo shi.

Haɗarin ɗingishi yana wurin tashi. Mota mai tashi da giya ta uku, kwambata ce ke ɗaukar dukan nauyin, ga shi kuma ɗaurin nan ba ya aiki a wannan hali. Kowace tsayawa da tashi ƙarin zafi ce. Saboda haka dabarar ita ce a taka totur a hankali har mota ta ɗauki gudu, sa'an nan a riƙe ta tsakanin kilomita 40 zuwa 60 a awa, a hango ramuka tun daga nesa domin kada a tsaya cak. A kunna fitilun gargaɗi masu ƙyaftawa, kada a yi ƙoƙarin wuce babbar mota, domin in an taka totur giya ba za ta sauko ta ba da ƙarfi ba. A riƙa duban allurar juyin inji. A ƙaramar mota da ta maƙale a giya ta uku, gudun 60 na kai allurar wajen 2,000 zuwa 2,500, wannan kuwa ba kome. In a ta biyu ta maƙale, sai a rage gudu yadda allurar ba za ta zauna sama da 3,000 ba.

Sau da yawa in an kashe mota, aka jira minti ɗaya ko biyu aka tayar, sai ɗingishin ya wuce. Gaskiya ne, amma a yi wannan gwaji a cikin gari, ba a daji ba. In batir ne tushen matsalar, mai yiwuwa in ka kashe ba za ta sake tashi ba. Motar da ke ɗingishi tana tafiya ta fi wadda ta mutu a tsakiyar hanya.

Alama Ta Uku: Zamewa Da Yoyo

Wannan ita ce mai kisa. Ka taka totur, inji ya yi ƙara, allura ta hau, mota ba ta ƙara gudu ba, ko kuwa ta riƙa kamawa tana saki. Ma'anarsa ƙarfin mai ya fāɗi, farantan ciki na goga juna. In ka leƙa ƙarƙashi ka ga jan mai na zuba, ko ka ga layinsa a kan hanya bayanka, to, bututun da ke kai mai lagireto ne ya fashe ko ya kwance. A nan famfon nan da ya ke taimakonka ɗazu ya zama abokin gaba, domin shi ke fesar da man waje, cikin 'yan mintoci sai ya ƙare. Mai in ya zuba a kan salansa mai zafi kuma yana iya kama wuta. A nan kashe inji shi ne daidai.

In bututu ne ya kwance, a mai da shi a ɗaure da kilif, a ƙara mai ta bututun sandar awo, a ci gaba a hankali. Wanda ba shi da mai a but, ba shi da wannan mafita. Wanda kuma ya matsa wa mota a haka, zai yi 'yan kilomitoci kaɗan ne ta tsaya gaba ɗaya, sai sayen wata giyar. In wurin na da hatsari ƙwarai, ya matsa ɗin har inda ta kai shi, ko ya kulle ta ya shiga motar da ta fara wucewa. Dukiya a kan mai da ta.

Ga Misali

A ce wani malami ya taso daga Shinkafi ran Alhamis, ranar kasuwa, cikin watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40. Motarsa Corolla ce mai giya huɗu, da mutum biyar da buhun hatsi biyu a but. Ya yi ta ratse yana rarrafe a inda hanya ta lalace. Saura kilomita 15 ya kai Moriki sai ya ji bugu, fitilar inji ta kama, mota ta ƙi sauya giya.

Ba zai tsaya ba tukuna. Zai yi wa kansa tambaya uku yana tafe. Shin in na taka totur mota na amsawa, ko da da nauyi? Tana amsawa, ashe ba zamewa ba ce. Shin allurar zafin inji na inda ta saba? Tana nan. Shin akwai hayaƙi a madubi ko ƙauri mai ƙarfi? Babu. To, ɗingishi ne. Sai ya kashe na'urar sanyi, ya riƙe gudun 50. A wannan gudu kilomita 15 minti 18 ne kacal.

Da ya shiga Moriki, sai ya tsaya a wuri mai jama'a kuma shimfiɗaɗɗe, ya ja birkin hannu, ya sa P, ya bar inji a silo minti goma sha biyar. Ya leƙa ƙarƙashi, ba yoyo. Sa'an nan ya taka birki, ya bi da giya ta kowane harafi a hankali ya komo P, ya zaro sandar awon man giya, ya goge, ya mayar, ya sake zarowa. A Toyota da inji a kunne a ke wannan awo, man kuma ya kamata ya tsaya tsakanin alamun HOT. A Honda kuwa sai an kashe inji a ke aunawa nan da nan. Waɗansu giyoyi, kamar AL4 da na motocin zamani da yawa, ba su da sanda sam, sai makanike.

Sai ya ɗiga man a kan farar takarda. In ja ne ko ruwan zuma, ba ƙauri, da sauran lafiya. In baƙi ne mai ƙaurin ƙuna da ɓarɓashi, faranta sun ci wuta. In ya yi fari-fari kamar an zuba madara, ruwan lagireto ne ya shiga, a nan tafiya ta ƙare. Na malaminmu ja ne, amma ya yi ƙasa da alama. Sai ya ƙara kaɗan-kaɗan yana aunawa, domin tsakanin alamar ƙasa da ta sama bai kai lita ɗaya ba, man da ya yi yawa kuma kumfa ya ke yi ya ƙara zafi. Irin man da motar ke sha an rubuta shi a jikin sandar ko a littafinta, kamar T-IV ko WS a Toyota, da ATF-Z1 ko DW-1 a Honda. Kada a zuba baƙin man inji, ko man giyar hannu mai kauri.

Yanzu ne zai kashe mota, ya duba kawunan batir ko sun kwance, ya jira, ya tayar. In giya ta koma daidai, ya sauke buhunan ya ba amana, ya bi ayarin motoci zuwa Ƙaura da sauran rana. In ta ci gaba da ɗingishi amma ba ta zamewa, zai iya ƙarasawa a gudun 50 ɗin nan, yana hutar da ita a garuruwa. In kuwa la'asar ta yi sanyi, ya kwana a Moriki. Tafiya sannu-sannu kwana nesa.

Ja Da Igiya, Da Zuwa Gareji

Abin da aka saba da shi in mota ta mutu shi ne a ɗaura mata igiya a ja. A otomatik wannan na iya ƙarasa giyar, domin tayoyi na juya kayan ciki alhali famfo ba ya ba su mai. Mafi kyau a ɗora ta a kan babbar mota, ko janwe ya ɗaga ƙafafun da ke ja, watau na gaba a Corolla da Camry da Honda. In tilas ta kama, a sa giya a N, a ja a hankali ƙwarai zuwa gari mafi kusa kawai. Kowane kamfani da iyakar da ya yarda da ita, waɗansu ma sun hana sam, sai kowa ya duba littafin motarsa. Haka kuma ba a tayar da otomatik da turi.

In an isa Ƙaura ko Gusau, kada a yarda a cire kan batir domin fitila ta mutu, domin a motoci da yawa yin haka na goge shaidar da ƙwaƙwalwa ta ajiye. Tun daga 1996 motocin da aka sayar a Amirka na da soket iri ɗaya a ƙarƙashin sitiyari, inda a ke jona na'urar bincike ta karanto lambar laifi. P0700 na nufin akwai laifi a sashen giya kawai, sai a nemi lambar da ke biye. P0218 na nufin giya ta yi zafi fiye da kima. P0715 da P0720 na'urorin auna gudu ne na shiga da na fita. P0750 bawul ɗin sauya giya ne na farko. Mai mota ya rubuta lambar a takarda da hannunsa. In makanike ya ce a sauke giya tun bai karanta lamba ba, bai duba soket da fis da caji ba, to, a nemi wani.

Muna jan hankalin masu bin waɗannan hanyoyi, kafin su bar gida su auna man giya, su duba bututun lagireto da fanka, su ajiye lita biyu na man da ya dace, da mazurari, da kilif biyu a but, su kuma tashi da hantsi tare da jama'a. Allah ya kiyaye hanya, ya kawo mana zaman lafiya a ƙasarmu, amin.